ROAS ɗina 6 amma jari na ta raguwa, ina kuɗɗin ke tahiya?

"Salamu alaikum Malam. Atamfa nike saidawa nan Maradi ta WhatsApp, turmi na iso min kan jikka 9 ina saidawa jikka 12. Watan da ya wuce na sa jikka 100 a tallar Facebook, aka yi odar turmi 50, jikka 600 kenan. Yaron da ke min tallar ya ce ROAS ɗina 6 ne kuma ya yi kyau sosai. To amma da na tashi komawa saro sai na iske kuɗɗin ba su kai na wancan karo ba. Ina matsalar take don Allah?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron bai yi miki ƙarya ba, lissafinshi daidai ne, sai dai ba lissafin riba ba ne ya yi miki. ROAS abu guda yake aunawa, in kin sa jikka guda a talla, cinikin jikka nawa ya biyo baya. Ciniki fa, ba riba ba. Bai san nawa kika sari turmi ba, bai san nawa ɗan kabu-kabu ya amsa ba, bai san wadda ta yi oda ta kashe waya ba. Ni aikina riƙe wa ƴan kasuwa littafin shiga da fita ne, kuma cikin ƴan shekarun nan da talla ta waya ta yi yawa na ga irin wannan sau da dama, mutum na murna da lambar da ke kan allo, akwatin kuɗɗi kuma na faɗin wani abu daban.

Na san kin riga kin yi naki lissafi a zuci. Ribar turmi jikka 3, sau 50 jikka 150, a cire jikka 100 na talla, saura jikka 50. To ko a nan ki lura, cikin jikka 600 da ake ta faɗi, jikka 450 ba naki ba ne, na mai kaya ne can Kano, hannunki kawai suka biyo. Abin da talla za ta ci daga ciki shi ne jikka 150 kaɗai. Amma jikka 150 ɗin nan ma ba su cika ba, kuma jikka 100 na talla sun wuce 100. Bari mu bi su ɗaya ɗaya. Abin da ba ki faɗa ba zan cike da ƙiyasin abin da na saba gani wajen masu sana'a irin taki, ke sai ki ɗauko littafinki ki sa naki na gaskiya a gurbinsu.

Jikka 600 ɗin ba duka suka shigo ba

Tallar da ke kai mutane WhatsApp, yawanci Facebook ba ya ganin cinikin da aka yi. Abin da yake nunawa a Ads Manager, shafin da ake saita tallar, shi ne mutum nawa suka fara magana da ke. Kenan jikka 600 ɗin wani ne ya zauna ya ƙirga, kuma kusan kullum oda ake ƙirgawa, wato duk wadda ta ce "a ajiye min wannan" an rubuta ta. To ke kin fi ni sanin halin masu sayen kaya a waya. Wata ta ce a kawo, ɗan kabu-kabu ya je har ƙofar gida a Zariya ko Ali Ɗan Sofo ya tsaya cikin rana yana ta kira ba a ɗauka. Wata a buɗe leda ta ce launin bai yi kama da na hoto ba. Wata ta ce sai maigida ya dawo. In ana biya ne sai kaya sun isa, cikin oda 50 a samu 8 sun dawo ba abin mamaki ba ne. Saura 42.

Sai ragi. Jikka 12 kika sa, amma wa ke biyan kuɗɗin farko a ƙasar nan? "Hajiya a duba min", "ai biyu zan ɗauka wani watan", ki rage wa wannan jikka guda, waccan rabin jikka, wata ta biya cif. In aka raba tsakaninsu a ce ragin 500F ne kan kowane turmi. Turmi 42 kan 11.500F ya ba da jikka 483. Wannan shi ne kuɗɗin da ya taɓa hannunki, kuma ko shi sai in babu wadda ta ɗauka bashi zuwa ƙarshen wata. In akwai ki cire ta, ba a saro da alkawari.

Kuɗɗin kayan, turmi 42 kan jikka 9, jikka 378. Saura jikka 105. Kin ga 150 ta koma 105 tun ba a fita daga shago ba. Ragin rabin jikka ana ganinshi kamar ba komi don ana gwada shi da jikka 12, amma daga jikka 3 na riba yake fita, kashi ɗaya cikin shida na ribar kenan kika bayar da baki ɗaya.

Yanzu kai kaya. Yawanci masu talla suna rubuta "kai kaya kyauta" don shi ke sa mutane su yi magana, kuma lalle yana sawa. A ce 22 cikin gari ne, kowace 500F ta kabu-kabu, jikka 11. Ashirin kuma na Yamai da Damagaram da Tawa ne, sai an kai tasha an sa a mota, da kuɗɗin aike da na wanda ya kai tashar a ce jikka da rabi kowane, jikka 30. Waɗancan takwas da suka dawo su ma an biya musu, kuma zuwa da dawowa aka biya, biyar na cikin gari jikka 5, uku na nesa jikka 9, jikka 14 kenan da aka kashe kan cinikin da bai faɗa ba. Leda da salatif da ɗan kwali na oda 50, jikka 5. Kuɗɗin cirewa in an turo miki ta waya ko ta gidajen aiken kuɗɗi, a ce jikka 5. Haɗa su duka jikka 65. Daga 105 saura jikka 40.

Jikka 40 ɗin nan ki riƙe ta da kyau, ita ce ainihin abin da cinikin ya bar miki kafin a biya talla. Ba 600 ba, ba 150 ba.

Jikka 100 na talla ma ba 100 ba ne

Abin da allo ke nunawa shi ne abin da Facebook ya amsa. Amma ta yaya kuɗɗin suka isa gare shi? Yawancinmu nan ba da katinmu muke biya ba, wani ne mai kati ake ba wa sefa ya biya, kuma yana ɗora nashi, ko banki ya ɗora nashi na canji. In asusun tallar da kuɗɗin Amurka yake to farashin na motsi kullum. In da yuro ne canjin hukuma a tsaye yake, 655,957F kowane yuro, amma mai kati ba haka zai bar miki shi ba. A ce tallar jikka 100 ta tsaya miki 108. Yaron da ke saita tallar ba don Allah kawai yake yi ba, a ce jikka 15 a wata. Data ta amsa saƙonni da tura hotuna da bidiyo dare da rana, jikka 7. Tallar ta zama jikka 130.

To jikka 40 suka rage, jikka 130 suka fita. Asarar jikka 90 a wata guda, kuɗɗin turmi goma cif. Ban ma taɓa hayar shago ba, ban taɓa wuta ba, ban taɓa albashin yarinyar da ke taya ki ba, balle fatanti, balle wahalarki ke da kanki da kika kwana kina amsa "nawa ne". Shi ya sa da kika tashi saro kika iske kuɗɗi sun gaza. Ba sata aka yi miki ba, a kowace oda ne ake ɗan zaftarewa, kuma da yake kullum kuɗɗi na shigowa waya na ƙara, mutum ba ya ji a jikinshi sai ranar saro.

Lambar da ya kamata ki sani tun kafin ki kunna talla

ROAS ba ya da kyau ko muni shi kaɗai, sai an gwada shi da ribar kayan. Akwai lambar da in kin kai ta kin fita kunya kawai, ba riba ba asara:

```
ROAS na maida kuɗɗi = 1 ÷ kason riba
```

Da lissafinki na farko, jikka 3 cikin 12 kwata ne, 0,25, ɗaya a raba da shi ya ba da 4. Shi ya sa 6 ya yi miki kama da nasara. Amma kason na gaskiya shi ne jikka 40 cikin 483, wajen kashi 8 cikin 100, ɗaya a raba da 0,08 ya ba da 12 da ɗoriya. Kenan kina bukatar ROAS wajen 12 kafin ki maida kuɗɗinki. Naki na gaskiya kuma, 483 a raba da 130, bai kai 4 ba. Tazarar na da faɗi ƙwarai, ba wadda canza hoto ko canza rubutun talla zai cike ba ce.

Ni dai na fi son a bar maganar ROAS a yi lissafin kan oda guda, ya fi shiga kai. Jikka 130 a raba wa oda 50, kowace oda kin saye ta kan 2.600F. Jikka 40 a raba musu, kowace ta bar miki 800F. Kina biyan 2.600F don ki samu 800F. Duk wadda ta taɓa zama a kasuwa in aka faɗa mata haka ba ta bukatar wani ƙarin bayani.

Nan ne kuma za ki gane mi ya sa wani ke cin riba da ROAS 3 ke kina asara da 6. Mai haɗa turaren wuta ko humra da hannunta, kwalbar da take saidawa jikka 5 ta tsaya mata jikka 2, kason ribarta kashi 60 ne, ko ROAS 2 ya ishe ta. Atamfa kuwa kaya ne da kowa ya san farashinshi, mai saye na iya shiga babbar kasuwa ta taya wuri uku kafin ta amsa miki, ba ki da damar ɗora riba mai kauri. Don haka in yaron ya ce miki "wance ROAS 4 take yi kuma tana jin daɗi", ki tambaye shi mi take saidawa.

Cikin 42 ɗin nawa ne tallar ta kawo da gaske

Wannan ya fi sauran ɓoyuwa kuma ya fi ba ni haushi. Kina da tsoffin masu saye, suna ganin kayanki a matsayin WhatsApp ɗinki, suna cikin zaurenki, wasu ƙawaye ne wasu dangi. Da talla da ba talla za su saya. Amma watan da talla ke kunne duk wadda ta yi magana sai a rubuta ta cikin na talla. Kuma shi kanshi Facebook, da yake an ce mishi ya nemo masu yin magana, waɗanda suka riga suka san ki su ne suka fi sauƙin samu, sai ya riƙa nuna musu. Ga masu shafin saida kaya a intanet ma haka abin yake, tsarin da ya saba zuwa da shi shi ne ya ɗauki duk cinikin da aka yi cikin kwana 7 bayan an danna talla, ko cikin kwana 1 bayan an gan ta kawai ba a ma danna ba, ya ce nashi ne. In mutum na talla a TikTok lokaci guda, ciniki ɗaya kowanensu na iya cewa shi ya kawo.

Akwai wani mai takalman mata da nike riƙe wa littafi, ya daɗe yana sa jikka 60 kowane wata yana ganin ita ke riƙe da shagon. Na roƙe shi mu kashe tallar sati biyu, da ƙyar ya yarda, kullum da safe sai ya kira ni ya ce yau wayar shiru. Shirun kuma gaskiya ne, masu tambayar "nawa" su wuce sun ragu sosai. Amma da muka buɗe littafi ranar sha huɗu, takalman da suka fita sun ragu ne da kamar kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Sauran cinikin nashi ne tun asali, shekara da shekaru ya tara mutanen, yana ta biyan kuɗɗi ana kawo mishi su.

Ke ma kina iya gwadawa ba tare da wata na'ura ba. Ki ɗauki lambobin 42 ɗin ki duba a waya, wace ce kuka taɓa magana kafin watan. In kika iske 15 tsoffi ne, to jikka 130 ɗin mutum 27 ta kawo, kowace sabuwa ta tsaya miki kusan jikka 5. Sannan ki kashe tallar sati biyu ki ƙirga abin da ya fita. Sai dai ki zaɓi lokaci, kar ki gwada satin da ake shirin Sallah da satin bayan Sallah, ko tsakiyar damina da kaka lokacin da kuɗɗi suka shigo hannun mutane, nan lokaci ne zai yi magana ba talla ba. Ko ki bar ta kunne a Damagaram ki kashe a Tawa ki ga bambanci.

Mi za ki gyara, kuma har ina gyaran zai kai

Abubuwa uku suna hannunki tun gobe. Na nesa su biya kuɗɗin aike da kansu, jikka 30 sun dawo. Ba a fitar da kaya sai an turo kafin alƙalami ko da jikka 2, wadda ba da gaske take ba nan za ta tsaya, jikka 14 sun dawo. Farashi ɗaya ba ragi, jikka 21. In duk sun yi aiki kuma ba ki rasa mai saye ko ɗaya ba, wanda da wuya, jikka 40 ta koma 105. Har yanzu ba ta kai 130 ba.

Na so in ce miki gyaran nan ya isa amma lissafi bai yarda ba. Turmi guda mai ribar jikka 3 ba zai ɗauki tallar 2.600F ba, ko an toshe duk sauran ramukan. Ko dai kuɗɗin samun oda ya sauko sosai, ko abin da oda guda ke bari ya hau, kuma na biyun ya fi zama a hannunki. Kuɗɗin talla da na kai kaya kan oda ake biyansu ba kan turmi ba, wadda ta ɗauki turmi uku da wadda ta ɗauki ɗaya kusan kuɗɗi ɗaya kika kashe musu. Saboda haka in za ki yi talla ki yi ta kan abin da ake ɗauka da yawa, ankon biki, kayan lefe, ko turmi haɗe da mayafi da turare inda ribar oda guda za ta kai jikka 6 ko 7. Oda guda ta anko mai turmi 10, ko kin rage kin bar ribar jikka 2 kowane, jikka 20 ce, tana iya biyan tallar mutum bakwai.

Wani zai ce miki ai asarar farko ba komi, mai saye za ta dawo. Yana iya zama gaskiya, atamfa abu ne da ake sake saye, Sallah ƙarama da babba da bukukuwa. In sabuwa ta tsaya miki jikka 5 kuma ta dawo sau uku a shekara ba tare da talla ba, in kin toshe ramukan nan ta biya kanta har da riba. Amma kar ki ɗauka da baki, ki duba waɗanda talla ta kawo wata shida da suka wuce, nawa suka dawo. Kuma ko sun dawo, kuɗɗin talla yau ake biya, dawowarsu sai bayan watanni, jarinki ne zai ɗauki nauyin tsakani. Mai jarin miliyoyi na iya jira, mai jarin turmi 50 in ta yi asarar turmi goma wata uku a jere fiye da rabin shagon ya tahi.

Kar kuma ki yarda da shawarar "a ninka kuɗɗin talla ciniki ya ninku". Matan da ke sayen atamfa ta waya a Maradi da kewaye suna da iyaka, jikka 50 na farko su ke samo masu sauƙi, na bayansu mutanen nan dai ake ta sake nuna wa. Ki ce yaron ya nuna miki Frequency, a allon Faransanci Répétition, shi ne sau nawa mutum guda ya ga tallar. In yana ta hawa oda ba ta ƙaruwa, kuɗɗin da kike ƙarawa ba sabbin mutane suke sayo miki ba.

Abu guda da ya shafe ku masu saro a Najeriya, jikka 9 ɗin da kika faɗa ki tabbata farashin saron gobe ne ba na jiya ba. Naira na motsi, farashin Kantin Kwari na motsi, abin da ake kashewa a hanya daga Jibiya zuwa Ɗan Isa shi ma ba kullum ɗaya ba ne. In turmin da kika saro jikka 9 yanzu sai da 9 da rabi zai iso, to da 9 da rabi za ki yi lissafi, don shi za ki biya kafin ki maida kayan kan kanta. Wannan rabin jikkar kaɗai, kan turmi 42, ya cinye jikka 21 daga 40 ɗin da suka rage.

Da ni ne ke, daren nan zan kashe tallar turmi ɗaiɗai. Sannan in ja layi a littafi, kowace oda da layinta, ranar, suna, sabuwa ce ko tsohuwa, nawa ta biya a hannu, kuɗɗin kayan, kuɗɗin kaiwa, ta amsa ko ta dawo da shi. Yaron kuma ki daina tambayarshi ROAS, ki ce ya riƙa ba ki abin da aka kashe kowane sati, ke ki raba shi da sabbin da suka biya suka amshi kaya. In kin cike layukan watan da ya wuce ki turo min jimillar, da kuɗɗin haya da albashi, sai mu fitar da iyakar abin da za ki iya biya kan oda guda kafin ki sake kunna ta kan anko.